A Murɗa, Kada a Ja: Ranar da Farosesa Ya Biyo Fanka

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai ƙarafa biyu da aka haɗa fuska da fuska, aka ɗaure su tamau, da nufin su zauna haka shekara da shekaru. Na ƙasa shi ne murfin farosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa na'urar lissafi. Na sama kuwa dunƙulen alminiyam ne mai haƙarƙari, da fanka a kansa, wanda masu gyara ke kira hitsink, aikinsa ya janye zafi ya watsar. Tsakanin su biyun akwai wani ɗan mai launin toka da ake kira fes. Ba a sa shi don ya manne komai ba, amma idan ya daɗe ya bushe, yakan riƙe ƙarafan nan fiye da yadda madabod ke riƙe da farosesan kansa. Shi ya sa mutum zai kwance fanka don ya kakkaɓe ƙura, ya ɗaga, sai ya ga farosesa ya biyo ta, ƙafafunsa na zinariya suna kallonsa, ramin da ya fito kuma yana nan a kulle.

Wannan hatsari bai shafi kowace kwamfuta ba. Tun shekarar 2004 kamfanin Intel ya mayar da ƙafafun zuwa jikin madabod, ya kuma sa wani marfin ƙarfe da ke danne farosesa daga sama. Saboda haka yawancin tsofaffin kwamfutocin HP da Dell da ake shigowa da su Kano ba sa sakin farosesansu komai bushewar fes. Kamfanin AMD kuwa ya ci gaba da dasa ƙafafun a jikin farosesa har zuwa soket ɗin AM4, wanda ya fito a 2016, ya kuma bazu tare da farosesan Ryzen daga 2017. Sai a 2022, da fitowar AM5, ya bi sahun Intel. Tsakanin waɗannan shekaru an harhaɗa kwamfutocin Ryzen masu yawa saboda sauƙin kuɗinsu, kuma da dama daga cikinsu suna nan suna aiki a shagunan buga takardu da na zane, fes ɗinsu yana tsufa a hankali.

Abin da ke riƙe da abin

Idan aka duba fuskar ƙarfe da ido za a ga ta sumul, amma a zahiri cike take da ƙananan kwari da tuddai. In aka haɗa irin waɗannan fuskoki biyu, iska ce ke cika guraben da suka rage, iska kuwa ba ta iya ɗaukar zafi. A ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, tagulla tana kusan 400, alminiyam ya haura 200, iska kuwa tana wajen 0.026. Fes na kasuwa bai wuce 'yan lambobi ƙasa da goma ba a yawancin lokuta, to amma ko hakan ya ninka iska sau da yawa. Aikinsa ke nan: ya kori iska ya zauna a gurbinta.

Yawancin fes haɗi ne na man silikon da garin ma'adinai mai laushi ƙwarai. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta ƙarafan biyu sukan ɗan buɗe da zafi, in aka kashe su tsuke, kuma ba daidai suke buɗewa ba. Wannan numfashi yana tura man zuwa gefe kaɗan kaɗan, wani kuma ya ƙafe, har a wayi gari garin ne ya fi yawa, ya daskare kamar busasshiyar laka. A Kano abubuwa uku ne ke gaggauta wannan tsufa. Zafin bazara yakan kai digiri 40 a watan Afrilu. Ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin hitsink, zafi ya rasa mafita. Ɗauke wuta da komawa kan janareta kuma suna sa na'urar ta yi zafi ta huce sau da yawa a yini guda.

Wanda ya taɓa bin lungunan cikin birni da damina ya san sauran bayanin a ƙafarsa. Idan laka ta kama takalmi, mutum ya fizga sama, ƙafar ce ke fita ta bar takalmin. In kuwa ya murɗa diddigensa hagu da dama, sai iska ta sami hanyar shiga ƙarƙashi, lakar ta sake shi. Haka fes yake. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1, kuma fuskar da hitsink ke taɓawa tana iya kai santimita murabba'i 10. Muddin iska ba ta shiga tsakani ba, mai ja sama yana kokawa da nauyin da zai iya kai kilo goma, ban da danƙon man kansa. Gwargwadon saurin fizgar, gwargwadon taurin riƙon.

Soket ɗin AM4 kuwa halinsa kishiyar haka ne. Yana da ramuka ga ƙafafu 1331, da wani ɗan hannun ƙarfe a gefe da ake kira liba. In aka kwantar da liba, saman soket ɗin yakan zame kaɗan ya matse kowace ƙafa daga gefe. Babu marfi, babu ƙugiya. Wannan matsi ya isa ya wuce da lantarki, amma bai isa ya hana a zare ƙafafun ta sama ba. Ga murɗawa kuwa soket yana da ƙarfi, domin ƙafafun duka suna cikin ramukansu, sun raba nauyin a tsakaninsu. Ke nan fes yana da ƙarfi wajen ja, yana da rauni wajen murɗawa, soket kuma yana da rauni wajen ja, yana da ƙarfi wajen murɗawa. Wanda ya ja sama ya haɗa ƙarfin fes da raunin soket. Wanda ya murɗa ya yi akasin haka.

Wata safiya a Gwale

A yankin Gwale, kan hanyar da ke zuwa tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, akwai shagunan da abincinsu ya dogara ga ɗalibai: buga kundin kammala karatu, zana katin biki, cike fom ta intanet. Mai ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna, magidanci ne da ya bar koyarwa ya kama wannan sana'a, yana da kwamfutar da aka harhaɗa masa a 2020. Farosesanta Ryzen 3 3200G ne, da ƙaramar fankar da ke zuwa cikin kwalinsa mai suna Wraith Stealth, da ram guda biyu masu giga 4 kowanne. A kanta ake duk aikin zane. Tun da aka harhaɗa ta ba a taɓa ɗaga fankar ba, wato fes ɗin da ke ciki shi ne wanda kamfani ya shafa tun farko.

Da shekara ta biyar ta kama, sai na'urar ta fara nuna alamu. Fanka tana gurnani ko ba a aikin komai. In aka buɗe babban zane a CorelDRAW sai ta yi nauyi, wani lokaci ta mutu ɗungurungum ba sallama. Wannan farosesa iyakarsa digiri 95 ne. In ya kusanci wurin yakan rage gudu don ya kare kansa, in abin ya ci tura ya kashe na'urar. Mai shagon ya san ƙura ce da tsufan fes, ya kuma sayo sabon fes ya ajiye a durowa yana jiran ranar da aiki zai lafa.

Ɗan wansa da ke koyon aiki a shagon ya so ya ba shi mamaki. Wata safiyar Janairu, sanyin hunturu bai saki gari ba, kwamfutar kuma ta kwana a kashe, yaron ya kwance sukuru huɗun da ke riƙe da fankar, ya sa hannu biyu ya ja. Ba ta motsa ba. Ya ƙara ƙarfi, sai ta taso gaba ɗaya da farosesan manne a ƙasanta. Da ya ga haka tsoro ya kama shi, ya yi abin da kusan kowa ke yi: ya mayar da fankar bisa soket ya danna, da fatan komai zai koma mazauninsa. A nan mai shagon ya shigo ya same shi.

"Baffa, wallahi ban ja da ƙarfi ba," in ji yaron.

"Ajiye ta a kan tebur, ƙafafun su kalli sama. Kada ka ƙara taɓa komai."

Fizgar farko sau da yawa ba ta yin ɓarna mai yawa, musamman in ta tafi sama sak. Dannawar nan ta biyu ita ce mai lahani. Liba tana kwance, ramukan a matse suke, mutum kuma ba ya ganin inda ƙafafun ke sauka domin hitsink ya rufe masa gani. Ƙafar da ba ta sami rami ba sai ta lanƙwashe.

Abin da ke gaban mai shagon ba ƙarami ba ne. Ayyukan ɗalibai suna cikin ma'ajiyar kwamfutar, babu abin da ya same su, amma ba za a buga su ba sai na'urar ta tashi, kuma akwai masu jiran kundinsu a makon. Ga tsadar kayan kwamfuta tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023. Ya yi tunanin sa bakin sukudireba ya ɓanɓaro farosesan, har ya ɗauko, sannan ya ajiye. Ya sami ƙaramin kwali, ya zaunar da hitsink a ciki ƙafafu sama, ya cusa takarda a gefuna don kada ya motsa, ya tabbatar babu abin da ke taɓa ƙafafun. Ya ɗora kwalin a cinya, akwatin kwamfutar a ƙafa, cikin adaidaita sahu, zuwa wurin wani mai gyara da ya daɗe da sani a titin Beirut.

Rabuwa

Da farosesa ya bar soket, lissafin ya sauya. Babu sauran ramukan da ke kare ƙafafunsa, duk wani zamewar hannu a kansu zai ƙare. Don haka mai gyaran bai fara da ƙarfi ba. Ya fara taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar don ya sauke lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, wanda busasshiyar iskar hunturu ke ƙara yawansa, irin wanda ke sa mayafi tartsatsi da dare. Sannan ya cire fankar roba daga jikin alminiyam ɗin don kada zafi ya lalata ta.

A teburinsa akwai bulowa, na'urar hura iska mai zafi da masu gyaran waya ke ɗaga ƙananan kayan lantarki da ita. Bai taɓa ta ba. Bulowa tana kai digiri 300 zuwa sama, dalmar da ke riƙe da ƙafafun farosesa kuwa tana narkewa a digiri 200 da 'yan kai. Abin da ake bukata bai wuce zafin da na'urar ta saba yi tana aiki ba, wajen digiri 50 zuwa 60. Ya ɗauko dirayar busar da gashi, ya hura a haƙarƙarin alminiyam ɗin daga gefe, yana juya shi, kimanin minti biyu. Alminiyam yana kai zafi da sauri, shi zai isar da shi ga fes ɗin. Ma'aunin mai gyaran hannunsa ne: in ƙarfen ya kai inda za a taɓa amma ba za a iya riƙe shi da daɗewa ba, ya isa.

Ya nannaɗe hitsink da tsumma ya dafe shi a kan tebur. Ya kama farosesan ta gefuna biyu da babban yatsa da manuni, a kan kaurin allon, yatsunsa nesa da ƙafafu. Ya murɗa kaɗan zuwa dama, kaɗan zuwa hagu. Bai motsa ba. Maimakon ya ƙara ƙarfi, sai ya ɗiga sinadarin aisofurofil, irin mai kashi 90 cikin ɗari ko fiye, a kewayen layin da ƙarafan suka haɗu. Ya jira ƙarfen ya ɗan huce kafin ya ɗiga, ya kuma kashe diraya ya ajiye, domin sinadarin yana kama wuta, kuma a kan ƙarfe mai zafi ƙafewa yake yi kafin ya ratsa. Ya ba shi minti biyar yana ƙara ɗigo.

Daga nan ya yanko zaren sakace, irin wanda ake sayarwa a kemis, ya naɗe shi a yatsu biyu, ya sa shi a kusurwa ɗaya yana ja gaba da baya kamar mai yanka da zarto. A nan akwai wurin lura. Farosesa hawa biyu ne: allon da ke ɗauke da ƙafafu, da murfin ƙarfen da aka liƙa a kansa da baƙin gam. Layin da ake nema shi ne na tsakanin murfin da hitsink. Layin da ke tsakanin murfin da allo ba a shiga shi, domin a ƙarƙashinsa ainihin ƙwayar silikon take, da ƙananan kayan da ke kewaye da ita. Wannan ne ma babban laifin sukudireba. Bakinsa ya fi saurin samun gefen allo, in aka yi banƙara da shi sai a tsaga allon, ko a ɗaga murfin, ko a karce fuskar hitsink. Ko an yi sa'a ya rabu, yakan rabu ne da tsalle, farosesa ya faɗi ƙasa a kan ƙafafunsa.

Zaren ya shiga kamar rabin santimita. Da sinadarin ya gama ƙafewa mai gyaran ya sake dumama ƙarfen, ya sake murɗawa. A karo na uku farosesan ya juya kamar gashin ido, sannan ya ƙara, sannan ya saki jiki. Ko a lokacin bai ɗaga shi sama ba. Zame shi ya yi zuwa gefen hitsink har ya fita, ɗayan tafin hannunsa a ƙasa yana tare. Fes ɗin da ya bayyana ya zama ɓawo, yana farfashewa kamar ƙanzo, tsakiyarsa kuma kusan babu komai. Aikin duka ya ci kusan minti ashirin, kuma yawancinsu jira ne.

Akwai iyaka ga wannan dabara. In an dumama sau uku ko huɗu, an jiƙa, zare kuma ya ƙi shiga ko kaɗan, to mai yiwuwa abin da ke tsakani ba fes ba ne. Akwai gam mai ɗaukar zafi da ake liƙa ƙananan ƙarafa da shi na dindindin, kuma akan sami wanda ya shafa shi a kan farosesa bisa rashin sani. Irin wannan ba ya jin diraya, ƙara ƙarfi kuma fasa allo zai yi.

Ƙafafu bakwai

Ba a gane lanƙwasasshiyar ƙafa ta kallo daga sama. Mai gyaran ya ɗaga farosesan daidai idonsa, ya sa fitila a bayansa, ya leƙa tsakanin layuka kamar mai duba sahun salla. Layin da yake daidai haske yana ratsa shi daga farko har ƙarshe. Ya juya shi kwata ya sake leƙawa, domin ƙafa tana iya miƙewa ta wannan fuska ta karkace ta waccan. Ya ƙirga bakwai a kusurwa ɗaya, duk sun kwanta gefe guda, shaidar dannawar da aka yi. Babu wadda ta karye. Ya haska cikin ramukan soket ma, ya tabbatar babu guntun da ya maƙale.

Tazarar ƙafafun AM4 kusan milimita 1 ce. Tsohon katin banki, wanda ake gyara ƙafafun tsofaffin farosesa da shi, yakan yi wa wannan tazara kauri. Reza ce ke shiga. Ya zura ta tsakanin layi biyu, ya jingina ta da ƙafafun da ke tsaye, ya tura karkatattun a hankali har suka yi sahu. Biyu da suka kwanta sosai ya ɗago su da fensir mai bakin ƙarfe na milimita 0.5 wanda aka cire wa gawayi, ya zura ƙafar cikin bakin ya miƙar. Ƙa'idar ita ce a tura sau ɗaya, kaɗan kaɗan, kada a wuce wuri a dawo. Ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, kamar wayar da ake karyawa da hannu, kuma ƙafar da aka kai aka kawo sau uku tana iya guntulewa daga tushe.

Karyewar ƙafa ba kullum take nufin mutuwar farosesa ba. Da yawa daga cikin 1331 ɗin nan na wuta ne da na ƙasa, suna da 'yan'uwa masu aiki iri ɗaya, rashin guda ba lalle ya hana komai ba. Wasu kuwa kowace da aikinta ita kaɗai: wannan ta ram, waccan ta hoto, wata ta USB. Wadda aka rasa ita ke yanke hukunci, kuma ba a sanin hakan sai an gwada.

Gwajin miƙewa soket ne ke yin sa. Mai gyaran ya ɗaga liba har ta tsaya cak, ya daidaita ɗan alwatikan zinariya da ke kusurwar farosesa da alamar da ke kusurwar soket, ya sake shi. Ya kamata ya faɗa da nauyin kansa. Karon farko kusurwa ɗaya ta tsaya a sama kaɗan. Bai danna ba. Ya ɗauke, ya sake leƙa layukan, ya gyara ƙafa ɗaya da kanta ya ɗan karkace. Karo na biyu ya zauna daram, sannan aka kwantar da liba.

Aka goge fuskokin biyu da aisofurofil har suka yi ƙyalli, aka ɗiga sabon fes kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiyar murfin, aka ɗora hitsink sak ba tare da ɗagawa ba, aka ɗaura sukuru huɗun a gicciye, kowanne zagaye biyu kafin a koma na kishiyarsa, har suka tsaya.

Na'urar ta tashi, mai shagon ya yi hamdala, amma mai gyaran ya ce a dakata. Ya shiga BIOS, inda ake ganin jimillar ram ɗin da madabod ya gano. Allon ya nuna 4096 MB, alhali 8192 MB ya kamata a gani. A nan ake dubawa ba a cikin Windows ba, domin wannan farosesa yana yankar wani kaso na ram don aikin hoto, lissafin cikin Windows yana iya rikita mutum. Ya musanya ram ɗin biyu, kowanne ya yi aiki shi kaɗai a rami ɗaya, ɗayan ramin kuma ya ƙi karɓar kowa. Wannan alama ce ta cewa ɗaya daga cikin hanyoyi biyu da farosesa ke magana da ram ta yanke, kuma galibi a ƙafa matsalar take.

"Injiniya, ko dai ya tafi ke nan?"

"Malam, bari mu sake dubawa tukuna."

Ya kwance, wannan karon da murɗawa, sabon fes ya saki nan take. Da gilashin ƙara girma ya ga ƙafafu biyu a gefe sun shafi tsohon fes daga yatsun yaron. Irin wannan fes ba ya wuce da lantarki, don haka ba ya ƙona komai, amma yana iya shiga tsakanin ƙafa da abin da ya kamata ta taɓa. Ya wanke su da buroshin haƙori mai laushi da aisofurofil, yana bin tsawon layi, ya jira suka bushe. Ya sake goge fuskokin ya sa wani sabon fes, domin wanda aka ɗaga ya riga ya sha iska. BIOS ya nuna 8192 MB. Zafin farosesa yana zaune ya tsaya wajen digiri 40 da 'yan kai, da aka matsa masa aiki na minti goma sha biyar bai kai 80 ba.

Kafin a kwance sukuru na farko

Duk wannan wahala ana kauce mata da abin da bai kai rabin sa'a ba. Mataki na farko shi ne sanin irin soket ɗin. In sunan farosesa Ryzen ne na tebur daga jerin 1000 zuwa 5000, ko tsofaffin FX da Phenom, to mai ƙafafu ne, zai iya biyo fanka. Yawancin laftof na wannan zamani farosesansu a liƙe yake da dalma a jikin madabod, ba ya fita, amma fizgar can tana iya cutar da dalmar ko ƙwayar da ba ta da murfi, don haka dumamawa tana da amfani a nan ma.

Mataki na biyu shi ne a bar na'urar ta dumama kanta. A kunna ta, a ba ta aiki mai nauyi na minti goma zuwa goma sha biyar, ko da manhajar gwaji irin Cinebench ko da babban zane. Sannan a kashe, a zare wayar wuta, a kwantar da akwatin a gefensa, a fara aiki nan take kafin ƙarfen ya huce. In na'urar ba ta tashi sam, diraya a kan haƙarƙarin hitsink tana maye gurbin wannan. A sassauta sukuru a gicciye, kaɗan kaɗan, don kada matsi ya koma kusurwa ɗaya. In sun fita duka, a dafa hitsink ƙasa da ɗan nauyin hannu, a murɗa hagu da dama gwargwadon abin da wurin ya bari. Za a ji lokacin da ya fara santsi a ƙarƙashin hannu. Sai an ji wannan santsin ake ɗagawa, kuma kafin a ɗaga sosai a leƙa ƙasa a tabbatar farosesa yana mazauninsa.

A yanayi irin na Kano, kwamfutar da ke aiki kullum a shago tana bukatar a hure mata ƙura bayan kowane hunturu, wanda ba sai an ɗaga hitsink ba, a kuma sauya fes duk bayan shekara biyu ko uku, ko da zarar zafinta ya fara hawa bayan an share ƙurar. Fes ɗin da aka sauya kafin ya zama ɓawo yana saki da murɗawa ɗaya. Wanda kuma zai ba wani aikin yana da tambaya guda da za ta nuna masa hannun da zai damƙa wa kayansa: ya tambaye shi ko zai kunna na'urar ta yi zafi kafin ya kwance fankar. Wanda ya saba da AM4 ba zai yi mamakin tambayar ba.